Sakin Layin da Manaja Ke Karantawa a Tsaye

Farar takarda a harkar kasuwanci wani rahoto ne mai 'yan shafuka da kamfani ke rubutawa don ya bayyana wata matsala, ya kuma nuna hanyar magance ta da hujja. Wanda ake rubuta wa yawanci manaja ne, kuma ba a zaune cikin natsuwa yake buɗe ta ba. A waya yake dubawa, tsakanin wannan taro da wancan. Abin da ya gani a sakin layin farko shi zai sa ya tura wa akanta, ko ya rufe ya manta.

A ce wani kamfani mai girka na'urorin sola ya aika wa manajan masana'antar gyaran shinkafa irin wannan takarda. Gabatarwar ta soma kamar haka: "A wannan zamani na ci gaban fasaha, makamashi ya zama ginshiƙin tattalin arziki. Kamfaninmu, wanda ya daɗe yana hidima ga al'umma, yana alfaharin gabatar da ingantattun hanyoyi na zamani." Babu ƙarya a ciki, amma babu abin da ya shafi manajan. A goge sunan kamfanin a sa na abokin hamayyarsa, jimlolin za su zauna daram. Wannan ita ce alamar da ake gane gabatarwa maras amfani.

Na fahimci inda ɗabi'ar ta samo asali. Mun taso ba a shiga magana sai an gaisa, an tambayi gida da gajiya. Hakan daidai ne a zaure, amma takarda ba ta da fuskar da za a ji nauyinta a saurara mata har ta iso ga zance.

Barbara Minto, wadda ta koyar da rubutu a kamfanin McKinsey, ta shahara da wani tsari mai hawa huɗu: halin da ake ciki, abin da ya dagule, tambayar da ta taso, sai amsa. Tsarin yana aiki, sai dai marubuta da yawa suna maƙalewa a hawa na farko. A ganina jimla ɗaya ta ishe shi, domin manaja ya fi kowa sanin halin da masana'antarsa ke ciki. Ga yadda gabatarwar za ta koma, da alƙaluman misali:

"Masana'antar da ke ƙona lita 200 na dizal a kullum tana shanye lita 5,200 a wata mai ranakun aiki 26, kuma kaso 40 cikin 100 na wannan man da rana tsaka ake ƙona shi. Wannan takarda ta nuna yadda sola za ta ɗauki aikin ranar, a rage lita 2,080 duk wata, kuɗin girkawa kuma ya dawo cikin wata 30. Aikin dare zai ci gaba da dogara ga janareta. Lissafin yana shafi na 4."

Jimlar farko ta ɗora asarar a kan ma'aunin da manajan ke sa wa hannu kowane mako. An zaɓi lita maimakon naira da gangan, saboda farashin dizal yana sauyawa, kuma takardar da ta ambaci farashin bara tana tsufa nan da nan. Manajan ya san nawa ya sayi lita jiya, zai ninka da kansa, kuma lissafin da mutum ya yi da kansa ya fi shiga ransa. Jimla ta biyu ta faɗi riba tare da lokacin dawowar jari. Babu inda aka ambaci girman batir ko nau'in inbata, domin waɗannan na injiniya ne, wurinsu shafukan ciki.

Jimla ta uku ita ce masu talla suka fi son gogewa, ni kuwa ita nake karewa. Manaja ya sha jin alkawuran da suka wuce kima. Idan marubuci ya faɗi iyakar abinsa tun farko, sauran alƙaluman sukan sami karɓuwa. Idan kuwa aka ɓoye, akanta zai gano a shafi na shida, daga nan sai a soma zargin kowace lamba. Don haka duk adadin da ya shiga gabatarwa dole ya dace da na ciki, har a nuna shafin.

Kafin a aika, a miƙa wa wani daga wani sashe daban, ya duba na daƙiƙa goma, a karɓe. A tambaye shi mece ce matsalar, me kuma za a samu. Idan ya ce "magana ce a kan sola", batun kawai ya kama, sai a sake rubutawa. Idan ya ce "za a rage dizal na rana, amma ban da dare", gabatarwar ta yi, tarihin kamfani kuma sai a kai shi shafin ƙarshe kusa da adireshi.