Manufar bincike

Manufar bincike ita ce ainihin abin da mutum yake nema idan ya rubuta kalmomi a manhajar bincike kamar Google. A shekarar 2002 Andrei Broder ya kasa binciken intanet gida uku: neman bayani, neman wani shafi takamaimai, da gudanar da wata hulɗa kamar sayayya. Daga baya masu tallan intanet suka ware binciken kasuwanci, wato kwatanta kaya kafin saye.

Tsarin maƙala

Wanda ya rubuta "me ya sa batirin sola ke saurin mutuwa" bayani yake nema. Maƙalarsa takan fara da amsar, sannan dalilai, kamar yawan ƙarar da cajin batiri ƙarƙaf.

Wanda ya rubuta "batirin litiyam ko na ruwa, wanne ya fi" yana dab da kashe kuɗinsa ne. Abin da zai amfane shi jadawali ne mai jera farashi, tsawon rai da garanti, tare da aibin kowanne.

Wanda kuwa ya rubuta "Jumia" ya riga ya san inda za shi. Mahaɗar shafin kawai yake so, doguwar maƙala ɓata masa lokaci ce.

Gane kuskure

Kalma guda, kamar "sola", tana iya ɗaukar manufa fiye da ɗaya, shi ya sa marubuta kan duba irin shafukan da suka fito a sahun farko kafin su zaɓi tsari. Idan masu karatu suna shiga shafi su koma jerin sakamako nan take, sau da yawa alama ce cewa tsarin ya saɓa wa manufarsu.