Kuɗi sun shiga asusu, bayan kwana 3 sun koma

Ƙanena da ke aiki a New York ya kira ni hankali a tashe: dala 600 sun shiga asusunsa ran Litinin, ran Alhamis sun koma wa kamfanin da ya turo. Na ce ya duba bayanan asusun. Ashe albashinsa aka biya sau biyu, ga kalmar REVERSAL a layin cirewar.

A tsarin ACH na Amurka, mai turawa yana da kwanakin aiki 5 ya janye kuɗi idan ya maimaita biya, ko ya kuskure adadi ko asusu. Canza ra'ayi kawai ba hujja ba ce.

Saboda haka, in kun ga kuɗin da ba ku san dalilinsu ba, kada ku taɓa su sai kun tambayi mai turowa, don in an janye bayan kun kashe, bashi ne zai hau kanku.