Yadda kamfanin Maggi ya yi cinikin biliyan 547 kuma ya tashi da asara: Bayani kan matakan riba uku

A farkon shekarar 2024, kamfanin Nestle Nigeria, mai yin Maggi da Milo da Golden Morn, ya bayyana cewa ya tafka asarar kimanin naira biliyan 79 da rabi a shekarar 2023. Labarin ya ɗaure wa mutane da dama kai, domin a shekarar ce farashin kayan kamfanin ya yi ta hawa, kuma cinikinsa ya ƙaru daga kimanin biliyan 447 zuwa biliyan 547. Wasu suka ce dabarar kauce wa haraji ce, wasu kuma suka ce shaida ce cewa masana'antu na gab da durƙushewa.

Takardar da za ta raba gardamar ita ce bayanin riba da asara, wanda doka ta wajabta wa duk kamfanin da ke kasuwar hannun jari ta Legas ya wallafa. Ana karanta shi ne daga sama zuwa ƙasa. A sama akwai jimillar ciniki, daga nan sai a riƙa cire kuɗaɗen da aka kashe rukuni-rukuni, kuma a wurare uku akan tsaya a duba abin da ya rage. A kowane wuri akan raba abin da ya rage da jimillar ciniki, a ninka da ɗari. Amsar ita ce kason riba, wato naira nawa ta saura daga kowace naira 100 da mai saye ya biya. Kowane ɗaya daga cikin kason ukun tambaya daban yake amsawa.

Ribar farko: shin kayan da kansu suna kawo riba?

Mataki na farko shi ne a cire abin da aka kashe wajen samar da kayan da aka sayar. Ga kamfani irin Nestle, wannan ya ƙunshi masara da dawa da waken soya da sukari da madarar gari, da leda da kwali, da wutar da injina ke ci, da albashin ma'aikatan da ke cikin masana'anta a Agbara da Shagamu. Abin da ya rage shi ne ribar farko.

A 2023 waɗannan kuɗaɗe sun kai kimanin biliyan 330, saboda haka ribar farko ta tsaya a kimanin biliyan 217. Idan aka raba da cinikin biliyan 547, za a samu kusan kashi 40 cikin ɗari. A taƙaice, duk naira 100 da ta shiga, 60 ta tafi wajen yin kayan, 40 ta saura. A shekarar da ta gabace ta, abin da ke saura bai wuce kimanin naira 35 ba.

Wannan hawa daga 35 zuwa 40 shi ne abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe. A shekarar da kayan masarufi suka yi tsada, kamfanin da ba shi da ƙarfi a kasuwa yakan ga kason ribarsa ta farko ya ragu, saboda yana tsoron ƙara farashi kada masu saye su guje shi. Idan kuwa kason ya ƙaru, alama ce cewa kuɗin da ake karɓa daga masu saye ya hau fiye da yadda kuɗin samar da kayan ya hau. Ƙarin farashi na iya jawo haka, haka kuma rage ɓarna a masana'anta ko sayar da kaya masu tsada fiye da masu araha. Ko ma wanne ne dalili, sakamakon ɗaya ne: a ƙofar masana'anta, ɗunƙulen Maggi bai jawo wa kamfanin asara ba.

Ribar gudanarwa: nawa ake kashewa kafin kaya su kai kanti?

Yin kaya daban, kai su hannun mai shago a Kantin Kwari ko Kasuwar Singa kuma daban. A mataki na biyu ana cire kuɗin manyan motocin dakon kaya da ɗakunan ajiya, da tallace-tallace a rediyo da talabijin, da albashin ma'aikatan ofis da shugabanni. Abin da ya rage shi ne ribar gudanarwa, kuma ita ce mafi kusa da amsar tambayar ko sana'ar kamfanin tana tafiya daidai, domin har yanzu ba a taɓo maganar bashi ko haraji ba.

A wajen Nestle waɗannan kuɗaɗe sun ci kimanin biliyan 93, wato naira 17 cikin kowace ɗari. Ribar gudanarwa ta zama kimanin biliyan 124, kusan kashi 23 cikin ɗari, alhali a 2022 tana wajen kashi 20. A shekarar da aka cire tallafin fetur kuma sufuri ya yi tsada, kamfanin ya ƙara samun riba daga ainihin aikinsa na yin abinci da sayar da shi.

Tazarar da ke tsakanin ribar farko da ta gudanarwa tana nuna yadda kamfani ke neman kuɗinsa. Mai sayar da kayan da sunansu ya zauna a zukatan jama'a yakan samu ribar farko mai kauri, sannan ya kashe kaso mai yawa a talla da rarrabawa domin sunan ya ci gaba da zama. Dillalin hatsi a Dawanau kuwa ribarsa ta farko siririya ce, amma ba ya biyan kuɗin talla, kuma yana juya jarinsa sau da yawa a shekara. Shi ya sa kuskure ne a kwatanta kason ribar kamfanin abinci da na banki ko na gidan mai. Kwatancin da ke da ma'ana shi ne na kamfani da kansa a shekarun baya, ko da abokin gogayyarsa mai sana'a iri ɗaya.

Ribar ƙarshe: wa ya ci abin da ya rage?

A mataki na uku ne ake cire kuɗin ruwa na bashi, da asarar canjin kuɗi, da haraji. Abin da ya saura shi ne rabon masu hannun jari. A nan ne lissafin Nestle ya kife. Kuɗaɗen da suka shafi bashi sun kai kimanin biliyan 228, wato naira 42 cikin kowace ɗari, alhali naira 23 kacal ta iso wannan mataki. Mafi yawan wannan adadi, kimanin biliyan 195, asarar canji ce.

Asalin abin shi ne kamfanin yana ɗauke da bashin dala, galibi daga uwar kamfanin da ke Switzerland. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemo darajarta a kasuwa. Dalar da ake lissafawa a kan kimanin naira 460 a farkon shekara ta kai wajen naira 900 a ƙarshenta. Ƙa'idar lissafi ta ce a ranar rufe littafi dole a sake auna bashin waje da farashin canji na ranar. Don haka bashin dala miliyan ɗaya, wanda aka rubuta a matsayin naira miliyan 460, ya koma miliyan 900. Bambancin miliyan 440 ana rubuta shi a matsayin asara, ko da kamfanin bai ƙara ciwo bashin dala ko ɗaya ba, kuma bai biya ko sisi ba tukuna.

Da aka cire biliyan 228 daga 124, asara kafin haraji ta zama kimanin biliyan 104. Sai kuma adadin ya ragu zuwa biliyan 79 da rabi bayan haraji, abin da kan rikita mai karatu, tun da an saba haraji ya rage riba. Dalili shi ne ƙa'ida ta yarda kamfani ya rubuta sauƙin harajin da yake sa ran samu nan gaba saboda asarar bana. Gwamnati ba ta miƙa masa kuɗi ba, lissafi ne na abin da zai ragu daga harajinsa a shekaru masu zuwa. A ƙarshe kason ribar ƙarshe ya zama asarar kimanin naira 14 da rabi cikin kowace ɗari, bayan ribar kimanin naira 11 a 2022.

Abin da alƙaluman suka faɗa

Idan aka jera su, labarin ya fito fili: 40, sai 23, sai asarar 14 da rabi. Biyun farko sun inganta, na uku ne ya rushe. Masu cewa asarar ƙarya ce ba su yi daidai ba, domin bashin na nan kuma sai an nemo ninkin nairar da aka yi tsammani kafin a biya shi. Masu cewa sana'ar ce ta mutu su ma sun yi kuskure. Matsalar tana cikin yadda aka samo jarin, wato cin bashi da dala alhali ciniki da naira ake yi, da kuma matakin da hukuma ta ɗauka kan canji. Ba Nestle kaɗai abin ya shafa ba. A shekarar, MTN Nigeria ya yi cinikin kusan naira tiriliyan biyu da rabi, amma asarar canji ta kimanin biliyan 740 ta sa ya tashi da asarar biliyan 137.

Inda alƙaluman ke iya yaudara

Akwai abubuwa uku da ya kamata a kiyaye. Na farko, kamfanoni ba su ajiye kowane kuɗi a wuri ɗaya. Wani yakan sa asarar canji a cikin kuɗin gudanarwa, wani ya sa ta tare da kuɗin bashi, kuma wannan zaɓi kaɗai na iya sauya kason gudanarwa sosai. Bayanan da ke biye da lissafin a ƙarshen rahoto su ne ke nuna inda aka ajiye kowane abu.

Na biyu, samu na lokaci ɗaya yakan kumbura riba. Kamfanin da ya sayar da fili ko gini zai iya nuna ribar ƙarshe mai kyau alhali sana'arsa na ja da baya. Alamar ita ce ribar ƙarshe ta hau yayin da ribar farko ke sauka.

Na uku, riba ba ita ce kuɗi a hannu ba. Kayan da aka bayar bashi ana lissafa su cikin ciniki tun kafin a biya, kamar yadda aka lissafa asarar canji tun kafin kuɗi su fita. Sanin abin da ya shiga asusu da gaske sai an duba bayanin shige da ficen kuɗi, wanda takarda ce daban a cikin rahoton.

Wannan bambanci yana da nauyi a muhawarar siyasa. Idan ƙungiyar masu masana'antu ta nemi rangwamen haraji, ko kamfani ya kare ƙarin farashi da hujjar asara, tambayar da ta kamaci ɗan majalisa da ɗan jarida da mai saye ita ce: a wane mataki aka yi asarar? Asara a ribar farko tana nuni ga tsadar kayan aiki da wuta. Asara a ribar gudanarwa tana nuni ga sufuri ko kashe-kashen shugabanni. Asarar da ta ɓulla a ƙasa kawai, bayan matakai biyun farko sun ƙaru, magana ce ta bashi da canji, kuma adadin da ke sama ya riga ya nuna cewa mai saye ya biya nasa kason.