Kunun tsamiya, jiƙo da ƙwayar asibiti: abin da ke faruwa idan suka haɗu a jiki

A kowace Sabo ta ƙasar Kudu, ko ta Ibadan ce ko ta Shagamu, ko Agege da Idi-Araba a Legas, ko Ama Hausa a Owerri, mai maganin gargajiya da mai kemis maƙwabtan juna ne. Da yawanmu kuma duka biyun muke zuwa. Mutum zai karɓo ƙwayar likita da safe, da yamma ya kurɓi jiƙo, a ransa yana cewa ai wannan ganye ne kawai, ba ruwansa da wancan. Wannan zaton nake so mu duba, musamman ga masu shan maganin ciwon damuwa da masu shan ƙwayar kashe ciwo. Jiki bai san na Bature da na gargajiya ba. Duk abin da aka haɗiya hanya ɗaya yake bi: ciki, hanji, hanta, jini. A kan wannan hanyar suke cin karo.

Bari in fara da hanji, domin misalin da ya fi kusa da mu yana nan. Kafin ƙwaya ta yi aiki sai ta narke, hanji ya tsotse ta zuwa jini. Abin da aka sha tare da ita yana iya ƙara yawan abin da ake tsotsa ko ya rage shi. A 1996 masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun ba mutum 6 masu lafiya asfirin miligiram 600, wani lokaci da kunun gero mai tsamiya, wani lokaci ba tsamiya. Da aka auna jininsu, sai aka ga ƙololuwar maganin ta kusan ninka uku idan an sha da tsamiya. A 2003 aka sake irin wannan gwaji da ibufurofen miligiram 400, shi ma aka ga abin da ya shiga jini ya ƙaru.

Mu faɗi gaskiya, gwajin ƙarami ne. Mutum shida ne, lafiyarsu ƙalau, kuma ba a bi su wata da watanni ba. Don haka ba wanda zai ce kunun tsamiya guba ne. Abin da gwajin ya nuna shi ne ƙwaya ɗaya ba kullum take nufin adadi ɗaya a jini ba. Ga mai shan ibufurofen sau ɗaya don ciwon kai, wannan ba wani abin tada hankali ba ne. Ga mai sha kullum, wanda kuma yake kan maganin damuwa, labarin ya sha bamban, kuma ga dalili.

Mu ƙaddara wani ɗan'uwanmu mai sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12, shekarunsa 45. Barci ya ƙaurace masa, komai ya fita ransa, aka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ɗora shi a kan fuluksetin miligiram 20 kowace safiya. Bayan wata biyu bayansa ya riƙe saboda ɗaukar kwanduna. Bai koma wurin likita ba, ya tsaya a kemis ya sayi ibufurofen, yana shan miligiram 400 sau uku a rana. Da safe da kunun tsamiya yake korawa. Wani abokinsa kuma ya ce sanyi ne, ya haɗa masa citta da tafarnuwa masu yawa, yana dafawa yana shan kofi biyu a rana.

Ga abin da kowanne yake yi. A cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da aikinsu shi ne su taru su toshe wurin da ya ji rauni. Suna buƙatar wani sinadari mai suna serotonin don su manne da juna. Fuluksetin, da 'yan'uwansa irin su sataralin, suna rage serotonin ɗin da ke cikin waɗannan ƙwayoyin, sai daskarewar jini ta ɗan yi rauni. Shi kuwa ibufurofen, kamar diklofenak da asfirin, yana rage majinar da ke kare bangon ciki daga tsamin ciki, kuma shi ma yana hana ƙwayoyin nan mannewa. Wato ɗaya yana buɗe rauni, ɗaya yana hana shi rufewa. Likitoci sun daɗe da sanin cewa haɗa waɗannan biyun yana ƙara haɗarin zubar jini a ciki fiye da shan ɗayansu kaɗai. Yanzu sai ga tsamiya tana iya ƙara yawan ibufurofen a jini, ga tafarnuwa da citta masu yawa waɗanda su ma suna iya tsinka jini. Wanda ake sawa a miya ba shi ne matsala ba, wanda ake dafawa da kauri a sha kamar magani shi ne.

Ta yaya mutumin nan zai gane abu ya ɓaci? Farko zai ji zafi ko ƙuna a saman cikinsa, ya ce olsa ce ta motsa. Yana iya ganin jini a asuwaki, ko haɓo, ko jikinsa ya riƙa yin tabo ba tare da ya bugu ba. Alamar da ba a wasa da ita ita ce bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, mai wari sosai, ko amai da jini, ko amai mai kama da garin kofi. Idan ya haɗu da jiri lokacin miƙewa da bugun zuciya da sauri, jini ne yake zuba a ciki. Wannan ba na kemis ba ne, ba kuma na gobe ba ne. Asibiti za a tafi a lokacin.

Da ya yi tambaya tun farko, gyaran mai sauƙi ne. Ga mai shan fuluksetin, farasitamol aka fi zaɓa don ciwon jiki, kuma babba mai lafiyar hanta ba ya wuce giram 4 a rana, wato ƙwaya 8 ta miligiram 500. Idan dole sai ibufurofen, likita yakan ba da na 'yan kwanaki tare da maganin kare ciki irin omefarazol. Abin da bai kamata ya yi ba shi ne ya daina fuluksetin da kansa, domin damuwar za ta iya dawowa.

Wuri na biyu da suke cin karo shi ne hanta. Hanta ce ke narkar da yawancin magunguna don jiki ya fitar da su. Wasu tsirrai suna sa ta ƙara sauri, sai maganin ya fita kafin ya gama aiki. Wanda aka fi sani shi ne wani tsiro na ƙasashen Turai mai fure rawaya, wanda ake sayarwa a kwalba a matsayin maganin damuwa na ganye. Idan kuna so ku gan shi a waya, ku rubuta `St John's wort` ko `Hypericum perforatum`, haka ake rubuta shi a jikin kwalba. Ba ya cikin kayan masu maganinmu, amma ana samunsa a manyan kantunan magani da wurin masu talla ta intanet, wani lokaci a cakuɗe cikin ƙwayoyin da ake cewa na barci ne ko na kwantar da hankali.

Wannan tsiro ba ya nuna halinsa rana ɗaya. Yakan ɗauki kamar mako biyu kafin hanta ta kai iyakar saurinta. Mai shan amitiriftilin, wanda ake bayarwa don damuwa da kuma ciwon jijiya, yana iya rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na maganin a jininsa. Sai ya ga ciwo ya dawo, ya ce ƙwayar jabu ce ko ta daina masa aiki, a ƙara masa. Ranar da ya bar ganyen, hanta takan koma yadda take cikin mako ɗaya zuwa biyu, sai ƙarin da aka yi masa ya zama ya yi yawa: barci mai nauyi, bushewar baki, jiri, bugun zuciya. Ga mata, ku sani yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa ma.

Haɗarinsa mafi girma kuma a ƙwaƙwalwa yake. Shi ma yana ƙara serotonin a can, kamar fuluksetin, kamar taramadol, wanda muka fi sani da tiramol. Idan biyu ko uku suka haɗu, serotonin yana iya yin yawa har ya zama guba. Yakan fara cikin sa'o'i, yawanci kafin kwana ɗaya da ƙara sabon abu: rawar jiki, gumi, gudawa, rashin natsuwa, fizgar tsoka musamman a ƙafa, zazzaɓi, ruɗewa. Kun ga inda matsalar take, domin a wurinmu duk wanda ya ga zazzaɓi da rawar jiki maleriya zai ce. Abin da zai bambanta shi ne lokaci. Idan abin ya taso jim kaɗan bayan an fara sabon magani ko sabon ganye, kada a ƙara shan komai, a kwashi duka kwalabe da fakiti a tafi da su asibiti. Ku kuma tuna fuluksetin yana daɗewa a jiki har kusan mako biyar bayan an daina shi, don haka “ai na bari tun makon jiya” ba kariya ba ce.

Akwai wani abu na nan Kudu da zan ƙara. Agbo da ake sayarwa a tashoshin mota iri biyu ne, na ruwa da wanda aka jiƙa da giya, haka ma yawancin ruwan ɗacin da ake sayarwa a 'yan leda. Giya tare da amitiriftilin ko tiramol ko kodin tana ninka barci da jiri, kuma da tiramol ko kodin tana iya danne numfashi. Direba ko ɗan acaɓa ya tambaya da me aka jiƙa kafin ya kai baki.

Mutane suna yawan ce mini, to idan na bar tazarar awa biyu tsakanin jiƙo da ƙwaya fa? Tazara tana taimakawa ne kawai idan a hanji ake cin karo, kamar batun tsamiya. Don haka a haɗiyi ƙwaya da ruwa zalla, idan mai buƙatar abinci ce a ci wani abu daban, kunun tsamiya ya jira. Amma abin da ya taɓa hanta ko jini ko ƙwaƙwalwa yana nan kwana da kwanaki, awa biyu ba ta goge shi. Lambar NAFDAC a jikin kwalbar ganye ma ba tana nufin an gwada shi da ƙwayar da kake sha ba ne.

Saboda haka idan za ku ga likita ko mai haɗa magani, ku faɗi duk abin da kuke sha: sunansa, kofi nawa, sau nawa, tun yaushe. Idan sunan Hausa kawai kuka sani kuma likitan Bayarabe ne ko Ibo, ku zuba ɗan saiwar ko ganyen a leda ku tafi da shi. Shi ma mai maganin gargajiya ku nuna masa ƙwayar asibitin, kuma idan ya ƙi faɗin abin da ke cikin haɗinsa, mai shan maganin damuwa ya haƙura da wannan haɗin.