Shafi ɗaya da zai hana mai zane sauya miki launi da tambari

Mai ƙaramar sana'a ba ta da ma'aikacin zane na dindindin. Yau wani yaro a Kano ya yi mata sitikar gora, bayan wata biyu wani a Kaduna ya yi mata fostar Sallah, kuma duk ta waya ake magana. Kowannensu ya iya aikinsa, amma idan aka jera ayyukan sai a ga kamar na kamfanoni daban-daban ne. Maganin wannan shafi ɗaya ne da ake tura wa kowane mai zane kafin ya fara, kuma amfaninsa ya dogara ga abu guda: duk dokar da ke cikinsa ta zama wadda za a iya aunawa. "Ka yi shi da ja mai kyau" ba doka ba ce, domin jan da ke ranki ba shi ne a ransa ba.

Mu ɗauki mai sayar da zoɓo a gorar roba, wadda tambarinta sunanta ne da hoton furen zoɓo a gefe. Launukanta uku: jan zoɓo mai duhu, ruwan madara na bango, da baƙi na rubutu. A shafin, kowane launi zai zo da ɗan murabba'i da aka cika da shi, sannan lambobinsa a gefe:

```
Ja      HEX #8E1B3A   RGB 142 27 58     CMYK 0 81 59 44
Madara  HEX #FFF4E0   RGB 255 244 224   CMYK 0 4 12 0
Baƙi    HEX #222222   RGB 34 34 34      CMYK 0 0 0 100
```

HEX da RGB abu ɗaya suke faɗa da rubutu iri biyu, kuma na fuskar waya da kwamfuta ne, inda haske ke haɗa launi. CMYK na maɗaba'a ne, inda tawada huɗu ke haɗuwa a kan takarda. Haske yana fitar da launukan da tawada ba ta iya kaiwa gare su, shi ya sa jan da ke walƙiya a waya yakan fito a dushe ko ya karkata zuwa ruwan ƙasa a sitika. Saboda haka lambar CMYK da manhaja ta lissafa miki mafari ce kawai. Ki sa a buga gwaji a kan irin takardar da za ki yi amfani da ita, ki duba shi a hasken rana, a gyara har ya yi miki, sannan ki rubuta lambar da aka tsaya a kai. Ki ajiye wannan gwajin a cikin ambulan, domin rana tana cin launi, kuma shi ne alƙali ranar da aka kawo miki sitika dubu da jansu ya bambanta.

A lura da baƙin da ke layi na uku. Da gangan aka ba shi tawada ɗaya tak. Idan aka haɗa baƙin ƙananan rubutu da tawada huɗu, kuma injin ya ɗan goce, haruffan za su fito da inuwa mai launi a gefe, jerin kayan haɗi da ranar lalacewa su yi wuyar karantawa. Ƙarƙashin lambobin a ƙara jimla ɗaya kan rabon aiki: madara ce bango, ja na tambari da kanun magana, baƙi na bayani, kuma ba a ɗora baƙi a kan ja.

Salon haruffa shi ne inda masu rubuta Hausa suka fi shan wahala. Salo biyu sun isa, ɗaya na kanu, ɗaya na bayani, kuma a rubuta cikakken sunan kowanne da kaurinsa, misali Noto Sans Bold da Noto Sans Regular. Amma kafin a zaɓa, a gwada shi da wannan layin:

```
Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ ₦
```

Yawancin salon ado da masu zane ke so ba su da haruffa masu lanƙwasa. Idan aka rubuta "zoɓo" da irinsu, ɗayan abu uku ke faruwa: ko akwati ya fito a gurbin ɓ, ko manhajar ta aro harafin daga wani salo ya tsaya a tsakiyar kalma siriri daban da 'yan uwansa, ko mai zanen ya gaji ya rubuta "zobo" bai gaya wa kowa ba. Na biyun ne ya fi wucewa ba a lura ba, sai an zuƙo hoton an dubi kaurin harafin. Noto Sans na Google, da Andika da Charis na SIL, duk suna da waɗannan haruffa, kuma kyauta ne har don kasuwanci. Wanda ke sayarwa a Maraɗi ko Damagaram ya kula da ƴ musamman, tunda rubutun Nijar da ita yake aiki inda Najeriya ke rubuta 'y.

Akwai jimlar da ya kamata ta biyo baya: kafin a kai maɗaba'a, a mayar da rubutu zane. A CorelDRAW, wadda masu buga takardu a Najeriya suka fi sabawa da ita, umarnin shi ne Convert to Curves, wato Ctrl+Q. In ba a yi haka ba, kwamfutar maɗaba'ar da ba ta da salonki za ta musanya shi da nata. Sai dai mai zane ya ajiye kwafin da bai mayar ba, don rubutun da ya zama zane ba ya gyaruwa idan farashi ya tashi.

Tambari kuwa, rabin ɓacinsa daga hanyar turawa yake. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto ana matse shi, kuma idan mai zane ya faɗaɗa shi don allon shago sai gefensa ya yi tsattsage. Shafin ya nuna inda fayilolin asali suke: SVG ko PDF da ke faɗaɗuwa ba tare da lalacewa ba, da PNG marar bango na aikin waya, a tura su a matsayin Document. A nuna siffofi uku da aka yarda da su, mai launi a kan madara, fari a kan ja, da baƙi zalla na hatimi da rasit. A faɗi filin da za a bari babu komai kewaye da shi, kuma a auna shi da wani sashe na tambarin kansa, kamar tsayin harafin farko, domin awon ya girma ya ragu tare da shi. Mafi ƙanƙantar girma kuma gwaji ne ke bayar da shi: a buga shi a faɗin milimita 30 da 20 da 15, inda furen ya cure ya zama ɗigo an wuce iyaka. Ga mai zoɓonmu, a ce 20.

Haramtattun abubuwa a nuna su da hoto, kowanne da alamar soke a kai: tambarin da aka ja ya yi faɗi, wanda aka sa wa inuwa, wanda aka ɗora a kan hoton gora mai hayaniya. Uku ko huɗu sun wadatar. Na fi yarda da hoto a nan, domin mai zanen da ke gaggawa zai tsallake sakin layi amma idonsa ba zai tsallake tambarin da aka soke ba.

A ƙasan shafin a rubuta kwanan wata da lambar bugu, da sunan wanda shi kaɗai ke amincewa da aiki kafin a buga. A ajiye shi PDF, kuma duk ranar da aka sauya launi ko salo a ƙara lambar, a gaya wa masu zane su goge tsohon.