Rim ɗin Ƙarfe ko na Alminiyam: Wanne Ya Dace da Tasi?

Direban tasi ko mai motar kai kaya, idan ya afka rami da rim ɗin ƙarfe, galibi baki ne kawai ke lanƙwashewa. Iska ta riƙa zurara, amma mai gyaran taya zai miƙe shi da guduma, a ci gaba da neman abinci. Na alminiyam kuwa tsagewa yake yi, kuma waldarsa sai gwani, sannan ba a cika amincewa da ita a ƙarƙashin lodi ba.

Gaskiya ne yakan fi sauƙin nauyi, sai dai ya fi tsada. Ƙarfe na yin tsatsa idan fenti ya kankare. Alminiyam kan yi farin gari a inda taya ke zama, ta riƙa sacewa a hankali. Ga hanya mai ramuka, ni dai ƙarfe zan zaɓa.