Lambar Da Ta Ƙi Tsayawa: Yadda Iska, Caji Da Laima Ke Ruɗar Sikeli

"Malam, sikelin nan fa ya lalace."

Kusan babu shekarar da ba na jin wannan magana daga bakin ɗalibai a ɗakin gwaje-gwajenmu. Sai in je in tarar da yarinya ta zura wa gilashin sikeli ido, lambar ƙarshe tana ta rawa ta ƙi tsayawa. A mafi yawan lokuta lafiyarsa ƙalau. Abin da ya same shi, yana jin abubuwan da mu ba ma ji ne.

Sikelin da nake magana a kai ya sha bamban da na mai nama ko na mai buhun masara. Ƙarami ne, yana zaune cikin akwatin gilashi mai ƙofofi, kuma yana karanta nauyi har zuwa giram 0.0001, wato giram ɗaya a raba gida dubu goma. Da shi ake auna sinadaran gwajin magani, da na ruwan sha, da na abinci. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sikelin bai san mene ne aka ɗora masa ba. Ƙarfin da ke danna farantinsa kawai yake ji, sai ya mayar da shi lamba. Duk abin da ya danna farantin ko ya ɗaga shi, iska ce ko wani abu daban, a matsayin nauyi zai lissafa shi.

Bari in bi da ku ta aiki ɗaya da muke yi kullum, don a ga inda kowane ɓarawo ke shigowa. Ana son a auna yawan tsamin da ke cikin nono. Hanyar ita ce a haɗa ruwan soda mai sanannen ƙarfi, a riƙa ɗiga shi cikin nonon har ya kashe tsamin, sannan a lissafa daga yawan abin da aka ɗiga. Sodar kuwa ita ce dai wadda mata masu haɗa sabulu suka sani, wadda masana ke rubutawa NaOH. Lita ɗaya ta ruwan da muke so tana buƙatar giram 4.000 na soda. A takarda aikin minti biyu ne.

Iska ce ke fara tarbar mutum. Farantin irin wannan sikeli faɗinsa wajen santimita 8 ne. Idan iska mai tafiyar mita ɗaya a sakan, wadda ko takarda da ƙyar take ɗagawa, ta sauko kai tsaye a kansa, tana iya danna shi da ƙarfin da ya kai kusan giram 0.3. Wannan ya ninka mafi ƙanƙantar abin da sikelin ke karantawa sau dubu uku. Dalilin akwatin gilashin ke nan, kuma dalilin da ya sa ba a karanta lamba sai an rufe ƙofofinsa duka. Fankar sama, na'urar sanyaya ɗaki, taga a buɗe, mutum ya wuce da babbar riga, har numfashin mai awon idan ya kai fuskarsa bakin ƙofa, duk suna taɓa shi. Alamar iska ba ta ɓuya: lambar tana tsalle sama da ƙasa da sauri, ana rufe ƙofa a ɗan jira sai ta natsu.

Akwai kuma iskar da ake rufewa tare da ita a cikin akwatin. Idan aka ɗora kwalba mai ɗumi, wadda ba ta daɗe da fitowa daga tanda ba, iskar da ke jikinta takan yi zafi ta riƙa hawa sama tana jan kwalbar, sai ta nuna ƙasa da nauyinta na gaskiya, lambar kuma ta riƙa ƙaruwa a hankali yayin da take hucewa. Abin da aka ciro daga firji kuwa akasin haka yake yi, ga kuma raɓar da ke taruwa a jikinsa. Maganin duka biyun haƙuri ne, a bar abu ya yi daidai da zafin ɗakin.

Caji ya fi iska wayo, domin rufe ƙofa ba ya korarsa. Kowa ya san shi ko da bai san sunansa ba. Shi ne ke tsikarar yatsa idan an taɓa ƙofar mota da hunturu, shi ne ke tartsatsi idan an cire rigar sanyi cikin duhu, shi ne kuma ke sa biro ya ɗauki ɓarɓashin takarda bayan an goga shi a gashi. Roba da gilashi suna tara shi idan an goge su, kuma ba sa barinsa ya wuce. Idan kwanon roba mai caji ya hau faranti, sai ya shiga jayayya da bangon gilashi da ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, yana jan su suna jansa. Sikelin kuwa ya ɗauki wannan ja a matsayin nauyi.

A nan yanayin ƙasarmu ya shigo. Iska mai laima takan bar ɗan danshi a jikin abubuwa wanda caji ke bi ya zirare. Masu ƙera sikeli sukan ba da shawarar laimar ɗaki ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 60 cikin ɗari, kuma da ta sauka ƙasa da 40 matsala ta fara. To, da hunturu a Kano ko Damagaram laimar kan faɗi ƙasa da kashi 20. Na taɓa tsayawa a watan Janairu ina kallon wani ɗalibi, mai tsabta ƙwarai, ya goge kwanon robarsa tas da busasshen ƙyalle kafin ya zuba gari. Yana kai cokali, garin ya tashi ya manne a gefen kwanon da jikin gilashi, kamar an kira shi. Ya ɗora kwanon sau uku, sau uku yana samun lamba daban, bambancin har miligiram biyu zuwa uku. Tsabtarsa ce ta jawo masa.

Ga yadda ake gane caji: ƙofofi a rufe, ba iska, amma lambar tana tafiya a hankali ba ta da alƙibla tabbatacciya, kuma idan an sauke abu an mayar ba a samun abin da aka samu da farko. Gwaji mafi sauƙi shi ne a ɗora wani ɗan ƙarfe. Idan lambar ta tsaya cak da ƙarfe amma ta ƙi tsayawa da roba, an kama mai laifi. Inda akwai hali ana sayen na'urar da ke hura iska mai kashe caji. Inda babu, sai a koma ga kwanon ƙarfe, ko a naɗe kwalbar da takardar alminiyam, a kuma daina goge kaya da busasshen ƙyalle dab da awo.

Damina na zuwa caji ya yi sauƙi, sai laima ta karɓi aiki. Uwargida ta san yadda gishiri ke jiƙewa a watan Agusta. Gishirin ma mai kunya ne, sai laima ta haura wajen kashi 75 yake narkewa. Soda ba ta jira haka. Ka zuba ƙwayoyinta farare busassu a faranti, kafin ka gama gyara zama sun fara sheƙi, in ka bar su sai su zama ruwa. Bayan ruwan, tana kuma shan irin iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, wato CO₂, wadda ke rage mata ƙarfi. Alamar wannan a sikeli ita ce lamba mai hawa sama kawai, ɗaya bayan ɗaya, ba ta komawa baya. Ɗalibi yakan tsaya jiran ta tsaya, alhali kowane sakan na jiran ƙarin ruwa yake aunawa.

Mu ɗauka cikin giram 4.000 da sikelin ya nuna, kashi 2 cikin ɗari ruwa ne. Sodar gaske giram 3.920 ce ke nan, ruwan da aka haɗa kuma ƙarfinsa 0.098 maimakon 0.100. Tunda ya yi rauni, sai an ɗiga fiye da kima kafin tsamin ya mutu, nonon da tsaminsa kashi 1.00 ne sai a rubuta masa 1.02. Abin haushin shi ne ko sau goma aka maimaita gwajin amsa ɗaya za a samu, kowa ya yi ta murna aiki ya yi kyau, domin kuskuren yana cikin kwalbar da kowa ke ɗiba.

Dabara ta farko ita ce awo ta bambanci. Ana zuba sodar cikin 'yar kwalba mai murfi, a auna ta a rufe, a ce an samu giram 25.4312. A fito da ita, a juye abin da ake buƙata cikin tulun haɗi da sauri, a rufe, a sake aunawa, a samu 21.4187. Abin da ya fita shi ne 4.0125. Ba a samu 4.000 cif ba, kuma ba komai. Sanin abin da aka ɗiba ya fi dacewa da lambar da ke takarda. Da ɗan matsefi ko safar hannu ake riƙe kwalbar, don maiƙon yatsa ma yana da nauyi a wannan sikeli.

Duk da haka masu aikin ba sa yarda da awon soda, domin ba a san abin da ta sha tun tana cikin gwangwaninta ba. Sai su gwada ruwan da wani farin gishiri mai tsami da ba ya shan laima sosai, wanda ake rubutawa KHC₈H₄O₄. Ana busar da shi a tanda a zafin digiri 110 na awa ɗaya zuwa biyu, a sa shi ya huce cikin tukunyar gilashi mai murfi da aka zuba wa ƙwayoyin silika a gindi, irin waɗanda ake samu a 'yar jaka cikin kwalin sabon takalmi. Giram 0.5106 na wannan gishiri ya kamata ya ci mililita 25.00 na ruwan soda mai ƙarfin 0.100. Idan ya ci 25.51, an gane ƙarfin 0.098 ne, sai a rubuta haka a jikin kwalbar a yi lissafi da shi.

Sai dai a lura, gaba ɗaya aikin ya dawo ya rataya a kan wannan rabin giram ɗin. Gari ne busasshe da ya fito daga tanda, wato daidai abin da zafi da caji suka fi so. Miligiram 2 da caji ya ƙara ko ya rage a cikin 510 kuskure ne na kusan kashi 0.4 cikin ɗari, kuma zai bi duk gwajin da aka yi da wannan kwalba har ta ƙare.

Wani abu da ya shafe mu musamman shi ne wuta. Sikelin yana so ya daɗe a kunne, rabin awa zuwa awa ɗaya ko fiye, kafin cikinsa ya daidaita, don haka duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, jira ya koma farko. Idan janareto na kusa, girgizarsa ma tana isa faranti ta cikin tebur.

Don haka ɗalibi, kafin ka zo ka ce mini sikeli ya lalace, sauke kayanka, rufe ƙofofi, danna TARE, ka ƙirga sakan talatin. Idan ya tsaya a 0.0000, koma ka duba abin da ka ɗora masa.